Yadda ake lissafa alfa na Cronbach, da yadda ake faɗar abin da lambar take nufi

Duk shekara, idan lokacin kare mamuwar, wato rubutun binciken kammala karatu, ya matso a nan Tawa, ɗalibai sukan zo mini da kwamfuta a hammata da tambaya guda: "Malam, alfana ya kai 0,70 ko bai kai ba?" Idan ya kai, sai su rubuta layi ɗaya su wuce. Idan bai kai ba, sai su kama goge tambayoyi har ya kai. Da wanda ya rubuta layi ɗaya da wanda ya yi ta gogewa, babu wanda zai iya tsayawa gaban juri ya faɗi abin da lambar take nufi ga bincikensa. Lissafin kansa bai wuce minti biyar ba. Aikin yana wajen shirya amsoshin kafin lissafi, da karanta sakamakon bayansa.

Wani ɗalibina da ya yi karatu a Yamai ya taɓa cewa shi a wurinsa alfa malami ne, don da wannan sunan Zabarmawa suke kiran malam. Wannan alfan harafin Girkanci ne kawai, wanda masanin nan ɗan Amurka Lee Cronbach ya laƙaba wa lissafin a 1951. Abin da yake aunawa shi ne jituwar tambayoyin da ka ce abu ɗaya suke auna: wadda ta ba da amsa mai girma a tambaya ta farko, tana ba da mai girma a ta biyu da ta uku? Idan haka ne ga yawancin mutane, alfa zai matsa kusa da 1. Idan kowace tambaya ta kama gabanta, zai faɗo kusa da sifiri.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne takardar tambayoyin kanta, a buɗe a gabanka, da fassarar da masu anketi suka yi amfani da ita. Kada ka yi aiki da sunaye irin T1 da T2 kawai, don dole ka riƙa komawa ga lafazin kowace tambaya.

Na biyu, amsoshin a cikin tabulo: kowane mutum layi guda, kowace tambaya shafi guda daga sama zuwa ƙasa, kuma amsoshin su zama lambobi, ba kalmomi ba. Idan da `KoboCollect` aka tattara, ka sauke fayil ɗin ta yadda lambobin za su fito maimakon rubutun amsar.

Na uku, abin lissafi. `SPSS` shi ne aka fi sani, amma na kuɗi ne. `jamovi` da `R` kyauta suke. Idan duk babu, `Excel` ya isa, kuma ni da shi nake fara koyarwa, don a nan ne mutum yake ganin inda lambar ta fito. Ka ajiye kwafin amsoshi na asali a makullin USB wanda ba za ka taɓa ba. A kan kwafi ake aiki.

Misalin da za mu bi

Na tsara wannan misalin ne don koyarwa, ba sakamakon wani bincike ba ne. A ce ɗaliba tana son auna gamsuwar mata da yadda ake karɓarsu wajen awon ciki a wani asibitin unguwa. Tana da jimloli biyar, kowace mace tana amsawa daga 1 (ban yarda ba sam) zuwa 5 (na yarda ƙwarai):

T1: Ungozoma ta tarbe ni da fara'a.
T2: Ta saurari abin da ke damuna har na gama.
T3: Ta yi mini bayanin magungunan da aka ba ni.
T4: Na ji an wulaƙanta ni.
T5: Asibitin ba shi da nisa da gidanmu.

Ga amsoshin mata goma:

```
N   T1 T2 T3 T4 T5
1   5  5  4  1  2
2   4  4  5  2  4
3   4  5  4  2  1
4   3  3  3  2  5
5   2  3  2  4  3
6   5  4  4  1  4
7   2  2  3  4  2
8   1  2  2  5  3
9   3  4  3  3  5
10  4  3  5  2  1
```

Mutum goma sun yi kaɗan ga bincike na gaske, za mu dawo kan wannan. Na taƙaita ne don ka iya shigar da su da hannunka ka ga ko za ka samu abin da na samu.

Mataki na 1: Ware tambayoyin da abu ɗaya suke auna

Alfa na ma'auni ne, ba na takardar tambayoyi gaba ɗaya ba. Ma'auni shi ne rukunin tambayoyin da za ka tara makinsu su ba ka lamba guda, kamar makin gamsuwa. Shekaru, yawan haihuwa, unguwa, sana'ar miji, babu ɗayansu da ke shiga. Idan takardarka tana da sashe na gamsuwa, sashe na sanin alamun haɗari, da sashe na yarda da likita, to alfa uku za ka lissafa, kowane da nasa. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya zuba tambayoyi arba'in duka a akwati guda, ya samu 0,88, ya yi murna. Wannan lambar ba ta bayyana kowane ma'auni ba.

Akwai kuma rukunin da alfa bai dace da shi ba ko da ana tara makinsa. Jerin kayan gida da ake auna wadata da shi, wato rediyo, amalanke, babur, firiji, ba tambayoyi ba ne masu fitowa daga abu guda a zuciyar mutum. Makiyayi mai garke zai iya rasa firiji, ma'aikacin gwamnati a cikin gari ba shi da amalanke. Alfa zai fito ƙasa, kuma wannan ba aibi ba ne a jerin.

Mataki na 2: Tsabtace amsoshin

Duba kowace tambaya ka ga mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma. A ma'auni mai 1 zuwa 5, idan ka ga 44 ko 55, yatsa ne ya danna sau biyu. Koma ga takardar asali ka gyara. Idan an sa 9 ko 99 a matsayin "ba ta amsa ba", dole ka shaida wa na'urar cewa wannan gurbi ne, ba amsa ba. A `SPSS` ana yin haka a `Variable View`, ƙarƙashin `Missing`. Lamba 99 guda ɗaya cikin mutum ɗari ta isa ta birkita lissafin.

Ka kuma sani cewa `SPSS` yana fitar da mutum gaba ɗaya daga lissafin alfa idan ya tsallake ko da tambaya ɗaya daga cikin rukunin. Kana iya yin hira da mata 150, amma lissafin ya tsaya kan 118. Tabulon farko da zai fito, `Case Processing Summary`, shi yake nuna adadin da aka yi aiki da su. Wannan adadin za ka rubuta a rahoto, ba 150 ba.

Mataki na 3: Juya tambayoyin da aka yi su a baibai

Sake karanta T4. A sauran jimlolin, 5 na nufin mace ta gamsu. A T4, 5 na nufin an ɓata mata rai. Kafin a tara maki sai an juya ta, ta fuskanci inda ƴan uwanta suka fuskanta. Dabarar ita ce ka haɗa mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma, sannan ka debe amsar. A ma'auni mai 1 zuwa 5, 6 ke nan a debe amsa: 1 ya koma 5, 2 ya koma 4, 3 yana nan. Da ma'aunin 1 zuwa 4 ne, da 5 za ka yi aiki.

Ka buɗe sabon shafi mai suna T4R, kada ka rubuta a kan T4. Na taɓa ganin wanda ya juya tambaya yau, ya manta, gobe ya sake juya ta, ta koma yadda take, muka ɓata yini muna neman inda cutar take.

Ga abin da ke faruwa idan an manta wannan matakin. Da T4 ba a juye ba, alfan misalinmu yana fitowa kusan −1,00. Alfa mai alamar debewa ba sakamako ba ne da za a kai wa juri. Kusan kullum alama ce ta tambayar da ba a juya ba, ko lambobin da aka shigar a baibai. A ma'auni mai tambayoyi da yawa ba lallai ya sauka ƙasa da sifiri ba; yana iya tsayawa a 0,5 ya yaudare ka, ka ɗauka ma'aunin ne mai rauni.

Mataki na 4: Lissafa da hannu, ko da sau ɗaya

Kalma guda kake bukata a nan: bariyansi, wato yadda amsoshi suka warwatsu. Idan kowa ya ce 4, bariyansi sifiri ne. Idan wasu sun ce 1 wasu 5, yana da girma. Ga lissafin:

```
alfa = (k / (k - 1)) * (1 - jimlar bariyansin tambayoyi / bariyansin jimlar maki)
```

A nan k shi ne yawan tambayoyi. Hikimar ita ce: idan tambayoyin suna tafiya tare, masu maki da yawa a ɗaya su ne masu maki da yawa a sauran, don haka jimlar makin mutane za ta warwatsu sosai, fiye da abin da za ka samu idan ka tara warwatsuwar kowace tambaya ita kaɗai. Idan ba sa tafiya tare, babba a nan ya haɗu da ƙarami a can, jimlolin sai su taru a tsakiya.

A `Excel`, sa sunayen a layi na 1, amsoshin a layi na 2 zuwa 11, T1, T2, T3, T4R da T5 a B zuwa F, jimla a G. Idan naka na Faransanci ne:

```
G2:   =SOMME(B2:F2)
B13:  =VAR.S(B2:B11)
B15:  =(5/4)*(1-SOMME(B13:F13)/G13)
```

Ja na G2 zuwa G11, ja na B13 zuwa G13. Idan na Ingilishi ne, `SUM` zai maye gurbin `SOMME`. Ka tabbata irin bariyansi guda ka yi amfani da shi ko'ina. Kada ka sa `VAR.S` ga tambayoyi ka sa `VAR.P` ga jimla.

Bariyansin tambayoyin zai fito haka: 1,789 da 1,167 da 1,167 da 1,822 da 2,222. Idan ka tara, 8,167. Jimlar makin matan goma kuwa 21, 21, 18, 18, 12, 22, 11, 9, 18, 17, bariyansinsu 20,456. Raba 8,167 da 20,456, ka samu 0,399. Debe shi daga 1, saura 0,601. Ninka da 1,25, alfa ya zama 0,75.

A nan ne ɗalibi yake rufe kwamfuta ya ce alhamdu lillahi, ya wuce 0,70. Dakata tukuna.

Mataki na 5: Sa na'ura ta fito da tabulon tambaya-tambaya

A `SPSS`, bi `Analyze`, `Scale`, `Reliability Analysis`. Tura tambayoyin biyar cikin `Items`, ka lura T4R ka tura, ba T4 ba. Danna `Statistics`, ka zaɓi `Scale if item deleted` da `Correlations`. Wanda nasa yake Faransanci, ko wanda ya gaji da neman maɓallai, ya rubuta wannan a tagar `Syntax`, aiki ɗaya ne a kowane harshe:

```
COMPUTE T4R = 6 - T4.
RELIABILITY
  /VARIABLES=T1 T2 T3 T4R T5
  /MODEL=ALPHA
  /STATISTICS=CORR
  /SUMMARY=TOTAL.
```

A `jamovi` yana ƙarƙashin `Factor`, `Reliability Analysis`, kuma akwai akwatin `Reverse Scaled Items` inda za ka tura T4 ya juya ta da kansa. A `R`, bayan ka girka `psych`, ka kuma shigar da amsoshin, har da T4R, a tabulo mai suna `d`:

```
library(psych)
alpha(d[, c("T1","T2","T3","T4R","T5")])
```

Tabulon da kake nema a `SPSS` shi ne `Item-Total Statistics`. Shafi biyu ne a cikinsa suke da amfani. `Corrected Item-Total Correlation` yana nuna alaƙar kowace tambaya da jimlar sauran. `Cronbach's Alpha if Item Deleted` yana nuna inda alfa zai koma idan an cire ta. Ga namu:

```
      alaka   alfa idan an cire
T1    0,87    0,56
T2    0,69    0,65
T3    0,60    0,69
T4R   0,90    0,54
T5   -0,12    0,93
```

Idan babu `SPSS`, za ka iya fitar da shafin "alfa idan an cire" a `Excel` ta hanyar maimaita lissafin mataki na 4 sau biyar, kowane karo kana barin tambaya guda, kana mai da 5/4 zuwa 4/3. Akwai gajiya, amma yana yi.

Yanzu dubi layin ƙarshe. Tambayoyi huɗu suna riƙe da juna: cire kowace ɗaya, alfa ya faɗi. T5 ba ta da wata alaƙa da su, har ta ɗan karkata baya. A al'adance, duk tambayar da alaƙarta ta gaza 0,30 ana tsayawa a dube ta. Ma'auninmu ya tsallake 0,70 alhali kashi ɗaya cikin biyar na makinsa nisan hanya yake auna, ba halin ungozoma ba. Mace ta 10 ta gamsu da tarbar da aka yi mata, amma makinta ya ragu don kawai gidansu na bayan gari. Mace ta 9, wadda amsoshinta suke tsaka-tsaki, ta fi ta maki don tana zaune kusa. Lambar 0,75 ita kaɗai ba za ta taɓa gaya maka wannan ba.

Mataki na 6: Yanke hukunci a kan tambayar da ta bauɗe

Na'ura ba ta cire tambaya, kai ne mai cirewa, kuma sai da hujja daga lafazin tambayar. A nan hujjar a fili take: huɗun suna magana kan mu'amalar ma'aikaciya, ta biyar tana magana kan tazara. Sai a cire ta daga ma'aunin gamsuwa, a ajiye ta a matsayin tambaya mai zaman kanta, don nisa abu ne da ya cancanci a ba da rahotonsa.

Amma ba kowace tambaya mai ƙaramar alaƙa ce baƙuwa ba. A wurinmu, sau da yawa cutar tana cikin fassara. An rubuta takardar da Faransanci, masu anketi uku sun shiga unguwanni, kowane yana fassarawa da ka. Wannan ya ce "wulaƙanci", wancan ya ce "an yi miki faɗa", na uku yana hira da Buzuwa ta bakin tafinta. Tambaya uku ke nan sanye da riga ɗaya. Jimlolin da ke da korewa su suka fi wahala: idan aka ce wa mace "asibitin ba shi da nisa" ta ce "a'a", shin a'a ba nisa, ko a'a ban yarda ba? Kafin ka zargi tambaya, lissafa alfa na kowane mai anketi daban, da na kowane harshe daban idan mutanen sun isa. Idan tambayar tana tafiya daidai wurin mutum biyu ta lalace wurin na uku, ka san inda za ka nufa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne goge-goge: a cire tambaya, a sake lissafi, a cire wata, har lambar ta yi kyau. Ƙarin 0,01 ko 0,02 bai isa dalilin cire komai ba. Idan kuma ma'aunin ba naka ba ne, na wasu masana ne da aka daɗe ana aiki da shi, cire tambaya yana hana a kwatanta sakamakonka da na sauran. A irin wannan, bar shi cikakke, ka faɗi tambayar da ta ba da matsala.

Mataki na 7: Karanta lambar

Iyakar 0,70 da kowa yake ambata ana jingina ta ga littafin masani Nunnally na 1978, kuma shi ya kawo ta ne ga bincike a matakin farko. Inda za a yanke hukunci kan mutum guda da makinsa, 0,90 ya sa a matsayin mafi ƙaranci. Don haka tambayar ba "ya kai ko bai kai ba" ba ce. Me za ka yi da makin?

Akwai hanya biyu na mai da lambar ta zama magana mai ma'ana. Ta farko ita ce kuskuren awo. Ɗauki tushen bariyansin jimla, wato lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka bariyansin, ka ninka shi da tushen abin da ya rage idan an debe alfa daga 1. Ga tambayoyi huɗun, bariyansin jimla 19,789 ne, tushensa 4,45, alfa 0,93. Sakamakon ya kama maki 1,15 a ma'aunin da ke tashi daga 4 zuwa 20. Ninka shi biyu, kusan 2,3. Wato mace mai maki 17, makinta na gaskiya yana iya kasancewa tsakanin 15 da 19, don haka ba za ka ce ta fi mai 16 gamsuwa ba, amma tabbas ta fi mai 9.

Ta biyu ita ce abin da rauni yake yi wa alaƙa. Idan kana neman alaƙa tsakanin gamsuwa da yarda da likita, kuskuren awo yana rage abin da za ka gani. A ce alaƙar gaskiya 0,50 ce. Idan ma'aunan biyu kowane yana da 0,90, za ka ga kimanin 0,45. Idan kowane yana da 0,60, za ka ga kimanin 0,30. Saboda haka mai alfa 0,60 da bai samu alaƙa ba, ba shi da hurumin cewa babu ita. Ƙila awonsa ne bai iya kama ta ba. Wannan ita ce jimlar da ya kamata ta shiga babin tattaunawa.

Ka kuma riƙe cewa yawan tambayoyi yana kumbura alfa. Idan matsakaicin alaƙa tsakanin tambayoyi 0,20 ne, wanda ba wani abin kirki ba ne, tambaya biyar za su ba da 0,56, tambaya ashirin kuwa 0,83. Ingancin tambayoyin bai canja ba, yawansu ne kawai. Don haka 0,68 a ma'auni mai tambaya huɗu ya fi burge ni a kan 0,80 a mai talatin. Kullum ka faɗi yawan tambayoyi kusa da alfa.

Shi ma 0,93 ɗin namu yana da abin dubawa. Juya T4 a tabulon amsoshin matan, ka kwatanta T1 da T4R: amsoshinsu ɗaya ne wurin mata tara cikin goma, alaƙarsu 0,97. Tamkar an yi tambaya ɗaya sau biyu, sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta baya. Alfan da ya haura 0,90 a gajeren ma'auni yakan nuna maimaici, kuma maimaici yana gajiyar da mai amsawa ba tare da ya ƙara maka sani ba.

Sai babban abin da alfa ba ya faɗa. Tiyar da gindinta ya lotsa ciki, ko sau ɗari ka auna gero da ita, abu ɗaya za ta ba ka, kuma duk sau ɗarin a tauye. Idan an yi hirar a harabar asibiti, ungozoma na wucewa, mata da yawa za su yi kara su ce komai lafiya lau. Wasu za su yi ta cewa "e" ga duk abin da baƙo mai takarda ya karanta. Masu "e" ga komai suna iya ɗaga alfa, don amsoshinsu sun jitu; idan kuma kusan kowa ya ce 5, warwatsuwa ta ƙare, alfa yana iya rushewa ko da tambayoyin masu kyau ne. Ko ta wace hanya, alfa jituwa yake gani, ba gaskiyar abin da aka auna ba. Haka nan ba ya tabbatar da cewa abu guda tambayoyin suke auna, don rukuni biyu masu alaƙa da juna suna iya haɗuwa su ba da lamba babba. Kuma ba ya nuna ko mace za ta ba da amsa iri ɗaya bayan mako biyu. Wannan sai an koma an sake tambayarta.

Mataki na 8: Faɗi iyakar tabbacin lambar

Alfa ƙiyasi ne daga mutanen da ka tambaya, yana da tazarar tabbaci kamar kowane ƙiyasi, wato iyakokin da ake sa ran lambar gaskiya tana tsakaninsu. Da mata gomanmu, 0,75 ɗin nan tazararsa ta kashi 95 cikin ɗari tana tashi daga kusan 0,4 zuwa 0,9, wato daga maras amfani har zuwa mai kyau ƙwarai. Shi ya sa alfan gwajin farko na mutum goma ko sha biyar bai isa hujja ba. Amfaninsa gano tambayar da ba a fahimta ba. Da mutum ɗari zuwa sama tazarar tana tsukewa sosai. A `SPSS`, cikin `Statistics` ɗin nan, zaɓi `Intraclass correlation coefficient`, ka bar `Two-Way Mixed` da `Consistency`. Layin `Average Measures` shi ne alfa tare da tazararsa. `R` yana fito da ita ba sai an roƙa ba.

Daga nan ne wani kuskuren yake fitowa: ɗalibi ya kwafo alfan da masu ma'aunin suka samu a wata ƙasa ya ce "wannan ma'auni amintacce ne". Lambar ta makin waɗancan mutanen ce, a harshensu. Da ka fassara shi zuwa Hausa ka kai shi Tawa, sai ka lissafa naka.

Mataki na 9: Rubuta shi

Sakin layi ɗaya ya isa, amma ya ƙunshi sunan ma'auni, yawan tambayoyi, zangon amsa, yawan mutane, abin da aka juya, abin da aka cire da dalili, lambar, da abin da take halatta maka. Ga yadda zan rubuta na misalinmu. Sai ka mai da shi Faransanci idan da shi kake mamuwar:

"An auna gamsuwa da mu'amalar ungozoma da jimloli biyar masu amsa daga 1 zuwa 5, an juya makin jimla ta huɗu. A wurin mata 10, alfa na Cronbach ya kasance 0,75. Jimla ta biyar, wadda ta shafi nisan asibiti, ba ta da alaƙa da sauran (−0,12), kuma ma'anarta ba ta shafi mu'amala ba, don haka an ware ta an yi nazarinta daban. Sauran huɗun sun ba da 0,93, da tazarar tabbaci daga 0,82 zuwa 0,98. Wannan ya halatta tara su a maki guda don kwatanta rukunin mata. Jimla ta ɗaya da ta huɗu sun yi kama da juna ƙwarai, abin da ƙila ya ɗaga lambar. Ba a sake tambayar matan a wani lokaci ba, don haka ba a auna tsayuwar makin ba."

Lura an faɗi lambobin biyu, ta kafin cirewa da ta bayanta. Wanda ya ɓoye ta farko, idan wani a juri ya ƙirga tambayoyin da ke takardar da aka liƙa a ƙarshen mamuwar ya ga biyar, rahoto kuma ya ce huɗu, zai sha tambaya.

Idan alfanka ya tsaya a 0,62 bayan ka juya abin juyawa ka duba fassara, rubuta 0,62. Ka ce jituwar tana da rauni, alaƙar da aka samu da wannan ma'auni mai yiwuwa ta gaza ta gaskiya, kuma ba za a yi amfani da makin wajen yanke hukunci kan mutum guda ba. Idan ya faɗi ƙasa da 0,50, ni shawarata kada ka tara makin sam. Kawo sakamakon kowace tambaya ita kaɗai.

Abu biyu da kan taso a ƙarshe. Idan tambayoyinka na "e" ko "a'a" ne, sa 1 da 0 ka bi matakan nan yadda suke. Abin da zai fito shi ne wanda ake kira KR-20, na Kuder da Richardson tun 1937. Idan kuma wani malami a juri ya tambaye ka omega na McDonald, wani lissafin ne mai aiki iri ɗaya, sai dai bai ɗauka cewa duk tambayoyin ƙarfinsu ɗaya ba kamar yadda alfa yake ɗauka. A `jamovi` akwatinsa yana kusa da na alfa, danna shi ka rubuta lambobin biyu a jere.